Hosfot ɗin waya ko rauta? Jagora ga mai aiki daga gida a Kaduna, da yadda data za ta kai ƙarshen wata

Tambayar nan ta yi yawa, kusan duk wanda ya samu aikin da ake yi daga gida sai ya turo min ita: in ci gaba da kunna hosfot a wayata ne ko in je in sayi rauta, kuma me ya sa data ta ba ta kai ƙarshen wata? To ga amsar a jere, mataki bayan mataki. Roƙona ɗaya, kar ka tsallake mataki na 1 da na 2 ka faɗa kasuwa, domin yawancin waɗanda na ga sun yi asarar kuɗi a kan wannan abu a nan suka yi ta, sun sayi na'ura tun ba su san ƙarfin sabis ɗin ɗakinsu ba, ba su kuma san giga nawa aikinsu yake ci ba.

Zan riƙa kawo misalin wata ƙanwata da ke zaune wajen Kawo, tana koyar da ɗalibai ta Zoom, tana kuma yi wa wani kamfani aikin rubuce-rubuce, saboda lissafin ya fito fili.

1. Auna sabis a kan teburin da za ka yi aiki

Ba a ƙofar gida ba, ba a tsakar gida ba, a daidai inda laftof ɗinka zai zauna. A garin nan layin da ke gudu a Unguwar Rimi ko Malali zai iya zama ba ya motsi a wani lungu na Rigasa ko Tudun Wada, kai ko a gida ɗaya ma falo daban, ɗakin baya daban, musamman ginin da aka yi wa rufin kankare ko ɗakin da gine-gine suka rufe shi ta ko'ina. Don haka maganar "layi kaza ya fi kyau a Kaduna" ba ta da amfani gare ka, abin da ya dame ka shi ne wanne ya fi kyau a ɗakinka.

Sandunan sabis da ke saman waya ba sa faɗin gaskiya sosai, lamba za ka duba. A Android ka shiga `Settings > About phone > SIM status` ka nemi `Signal strength`, wasu wayoyin sun ɗan canja wurin amma yana nan. A iPhone ka danna `*3001#12345#*` kamar za ka yi kira, ka nemi `RSRP`. Za ka ga lamba mai alamar ragi a gaba. In kana kan 4G, daga -90 zuwa sama, wato kamar -85 ko -78, sabis mai kyau ne. Tsakanin -90 da -100 za a yi aiki. In ta wuce -110, kamar -115, to wahala za ka sha, mitin zai riƙa yankewa.

Sannan ka buɗe `fast.com` ka ga gudun, ka danna `Show more info` don ka ga na turawa, domin mai shiga mitin da bidiyo gudun turawa ya fi damunsa, shi ne ke kai fuskarka da muryarka wajen mutane. In kana samun 5 Mbps na saukewa da 3 Mbps na turawa a tsaye ba ya hawa da sauka, ya ishi mutum ɗaya yin Zoom. Ka gwada da safe, da rana, da kuma bayan isha'i lokacin da kowa ya dawo gida ya hau waya. Ka ari layin maƙwabci ko na wani a gida ka gwada a ƙalla kamfani biyu daga cikin MTN, Airtel, Glo da sauransu.

Ga yadda za ka karanta sakamakon. In lambar sabis ba ta da kyau a tebur amma ta gyaru da ka je bakin taga, rauta za ta taimake ka, don ita za ka iya ajiye ta a tagar ta zauna. In kuwa lambar tana da kyau amma gudun yana mutuwa duk dare, to cunkoso ne a ƙarfen sabis ɗin unguwarku, kuma babu rautar da za ta gyara wannan, kamar ka sayi sabon kan famfo ne alhali ba a kawo ruwa a layin ba. Maganin wannan canja kamfani ne.

Gargaɗi: gwajin gudu shi ma data yake ci, in sabis na da ƙarfi gwaji ɗaya zai iya tafiya da megabayit ɗari ko fiye. Kar ka zauna kana ta maimaitawa.

2. Yi sati ɗaya da hosfot, ka auna abin da kake ci

Ko da ka riga ka yanke shawarar sayen rauta, ka daure ka yi sati ɗaya na cikakken aiki da hosfot. A Windows 11 ka shiga `Settings > Network & internet > Advanced network settings > Data usage`, za ka ga jimillar abin da laftof ya ci, da kuma abin da kowace manhaja ta ci ita kaɗai. Ka danna `Reset usage stats` ranar Litinin da safe, ka dawo ka duba ranar Juma'a da yamma. Ka kuma danna `*323#` a waya da safe da dare don ganin ragowar data, lambar ɗaya ce a duk kamfanonin tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta haɗe su a 2023.

Akwai lissafi guda ɗaya da in ka riƙe shi ba wanda zai ruɗe ka: duk abin da ke gudu a 1 Mbps na tsawon awa ɗaya ya ci megabayit 450. Daga nan komai zai fito. YouTube a 480p yana son wajen 1.1 Mbps, kusan rabin giga kenan a awa. A 720p wajen 2.5 Mbps, giga ɗaya da ɗan ɗoriya. A 1080p wajen 5 Mbps, sama da giga biyu a awa ɗaya. Mitin ɗin bidiyo kuma ta ɓangare biyu yake ci, abin da kake karɓa da abin da kake turawa duk ana cire maka, shi ya sa awa ɗaya ta Zoom da kyamara a kunne ke kaiwa daga rabin giga zuwa sama da giga ɗaya gwargwadon yawan mutane da kyan hoton. In murya ce kawai ba ta kai megabayit ɗari a awa.

Ita ƙanwar tawa da ta auna, awa biyu na Zoom kullum suna cin wajen giga 1.6, sauran aikin, wato imel da Google Docs da bincike, wajen 0.4. Giga 2 a rana kenan. Ranakun aiki 22 a wata, giga 44. Muka ƙara giga 4 na abdet ɗin Windows da manhajoji, 48. Sai muka ɗora kashi ɗaya cikin huɗu a kai saboda ranar da aji zai yi tsawo ko a turo babban fayil, ya zama giga 60. Wannan lambar ita ce za ka shiga kasuwa da ita, taka daban za ta fito, amma hanyar ɗaya ce.

3. Yanke shawara

Abu uku ne a gabanka, ba biyu ba. Akwai hosfot ɗin waya. Akwai maifai, ƙaramar nan mai batir da ke shiga aljihu. Akwai kuma rautar tebur, babbar da ake jonawa a wuta, wasu da eriya biyu a baya da ramukan kebul.

Ka zauna a kan hosfot in kai kaɗai ne, laftof ɗaya, aikin bai wuce awa biyu zuwa uku a rana, kuma ba mitin kake wuni kana yi ba. Babu dalilin kashe kuɗi. Mai shigar da sakamakon jarrabawa, mai tura rahoto da imel, mai ɗan zane yana turawa, duk hosfot ya ishe su.

Amma in aikinka na wuni ne, abu biyu za su kore ka daga hosfot. Na farko kira. In wayarka ko layinka ba su da `VoLTE` a kunne, wato saitin da ke barin kira ya bi ta 4G, da zarar kira ya shigo wayar za ta sauka daga 4G zuwa 3G ko 2G, intanet ɗin ya ja baya ko ya tsaya cak, kuma a yawancin wayoyi masu layi biyu in aka kira ɗaya layin, datar ɗayan tsayawa take yi har a gama magana. Ƙanwata abin da ya ishe ta kenan, ta ce min "Yaya wallahi ina tsakiyar darasi Umma za ta kira, in ɗaga aji ya watse, in ƙi ɗagawa kuma ka san abin da zai biyo baya." Na biyu zafi. Waya tana karɓar sabis, tana watsa waifai, tana kan caji, duk a lokaci ɗaya, ga zafin Maris da Afrilu na garin nan, sai ka taɓa bayanta ka ji kamar ba lafiya. Zafi shi ne babban abin da ke kashe batir, kuma waya in ta yi zafi da kanta take rage gudu, wata ma ta kashe hosfot ɗin. Wayar da ka saya da tsada ba ta cancanci wannan aikin awa takwas kullum ba.

Tsakanin maifai da rautar tebur kuwa, wutar gidanka ce za ta raba gardama. In ba ka da sola ko inbata kuma wutar unguwarku ba ta zama, ko kana yawan ɗaukar aikin zuwa shago ko gidan iyaye, maifai ta fi maka, batirinta na yin awanni kuma fawa banki na cajinta. In kana da wuta tsayayya, ko mutum biyu uku ne ke aiki a gidan, ko sabis ɗinka sai a bakin taga, rautar tebur ta fi, eriyarta ta fi girma, waifai ɗinta ya fi nisa, kuma kana iya jona laftof da kebul kai tsaye. Ni a ganina mai aikin wuni a wuri ɗaya rautar tebur ya kamata ya saya, maifai da ake bari a caji dare da rana batirinta kumbura yake yi.

Akwai hanya ta huɗu da mutane ke rainawa: tsohuwar waya mai 4G da ke kwance a durowa. Ka sa mata layin data, ta zama ita ce maifai ɗinka, ba mai kiran layin, wayarka ta huta. In dai batirinta bai kumbura ba, wannan zai riƙe ka watanni kafin ka tara kuɗin rauta.

4. In hosfot ka zaɓa, saita shi haka

Ka yi amfani da kebul maimakon waifai in laftof ɗaya ne. Jona wayar da laftof, ka shiga saitin hosfot ka kunna `USB tethering`. Wayar ba ta watsa waifai, zafi ya ragu, tana ɗan samun caji daga laftof ɗin, kuma ba wanda zai hau maka. In maɓallin ya ƙi kunnuwa, mafi yawan lokaci kebul ɗin ne, akwai na caji kawai da ba sa ɗaukar data, ka canja wani.

In dole sai waifai, ka sa faswod mai tsawo, ka zaɓi `5 GHz` in wayar da laftof suna ɗaki ɗaya, in laftof bai ga sunan ba ka koma `2.4 GHz`, a iPhone kuma `Maximize Compatibility` ne ke mayar da shi can. Ka cire wa wayar riga, ka ajiye ta inda iska ke bugawa, ba kan katifa ko kujera ba, ba kuma inda rana ke duka ta taga ba. In tana da saitin tsayar da caji a kashi 80 ko 85, kunna shi.

Gargaɗi: ranar da kake da mitin mai muhimmanci, ka kashe ɗaya layin a `SIM manager` ko duk sunan da wayarka ta ba shi. `Do not disturb` shiru kawai yake sa wayar ta yi, bai hana kiran shigowa ya taɓa datar ba.

5. In rauta ce, daga saye zuwa kafawa

Tambayar farko ga mai sayarwa, a ofishin kamfani ne ko a shagunan waya na Ahmadu Bello Way da kewayen Kasuwar Sheikh Gumi: a kulle take ko a buɗe? Wadda ke ɗauke da tambarin kamfanin sadarwa yawanci layinsu kaɗai take karɓa, ta fi araha, sau da yawa tana zuwa da datar kyauta ta farko. Buɗaɗɗiya ta fi tsada amma duk layin da ka sa za ta ɗauka. In gwajinka na mataki na 1 ya nuna kamfani ɗaya ya yi wa sauran nisa, ɗauki tasu. In sun yi kusa da juna ko kana shirin tashi daga unguwar, ƙara kuɗi ka ɗauki buɗaɗɗiya.

Gargaɗi: kar ka bar shagon sai ka sa layinka a ciki, ka haɗa wayarka, ka ga ta hau 4G ta buɗe shafi. Akwai na'urorin da aka shigo da su daga waje da ba su ɗauke da duk zangon da kamfanoninmu ke amfani da shi, ka duba kwalin ka ga `B3`, `B7`, `B20`, da `B28`. Wadda aka ce maka "an buɗe ta" a kasuwa kuma ka yi hattara, wata in ta yi abdet ko aka yi mata risat sai ta koma a kulle. Layin da ke cikinta ma sai an yi masa rajista da NIN kamar kowane layi, ka tabbata da sunanka aka yi, ba da na mai shago ba.

Maganar 5G, kar ka biya kuɗinta don an ce ta fi. Sai in ka ga waya mai 5G ta kama shi a cikin ɗakinka da idonka, in ba haka ba za ka sayi na'ura mai tsada ta zauna tana aiki a 4G.

Sai wuta. Ka duba jikin adaftar, yawancin rautocin 4G `12V 1A` ne, kuma abin da suke ja bai kai wat 12 ɗin ba, ka ɗauka wajen 6 zuwa 8. Akwai ɗan akwatin batir da ake sayarwa, a kwalinsa an rubuta `mini UPS`, yana zama tsakanin soket da rauta, in an ɗauke wuta rautar ba ta ko ƙiftawa. Wanda aka rubuta 10,400mAh a jikinsa yana ɗauke da wajen 38Wh, in ka raba da wat 8 ka cire asara, wajen awa huɗu kenan, in dai abin da aka rubuta gaskiya ne. Akwai kuma kebul mai ɗaga 5V zuwa 12V da ake jonawa a fawa banki, ya fi araha. Ko wanne ka ɗauka, ka tabbata lambar V ɗin ta yi daidai da ta rautar, in ka ba mai 9V wutar 12V za ka iya ƙona ta.

Wurin ajiya: sama, kusa da taga, ta ɓangaren da lambar sabis ta fi kyau. Ba ƙasan tebur ba, ba bayan talabijin ba, ba cikin kabad ba. Ka ɗan yi yawo da ita cikin ɗakin kana duba lambar, tazarar taku biyu na iya canja abubuwa.

Daga nan ka juya ta ka karanta takardar da ke manne a ƙasa, akwai adireshin shiga saitinta, yawanci `192.168.8.1` ko `192.168.0.1` ko `192.168.1.1`. Ka rubuta shi a birawuza. Faswod biyu za ka canja, na waifai da kuma na shiga saitin kansa, wanda sau da yawa `admin` ne kawai. Ka bar tsaron a `WPA2` ko `WPA3`, ka kashe `WPS`. Mutane na canja na farko su manta na biyu, alhali duk yaron da ya taɓa hawa waifai ɗin zai iya shiga da `admin` ya ga komai.

6. Zaɓen tsarin data

Tun da NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 a Janairun 2025, duk wani farashin da ka haddace a da ka ajiye shi, ka danna `*312#` ko ka buɗe manhajar kamfanin ka ga na yau. Abin da za ka yi shi ne raba kuɗin da yawan giga. Ga misali da lambobin da na ɗauko don lissafi kawai: a ce tsari ɗaya naira 10,000 giga 30, ɗaya kuma naira 18,000 giga 70. Na farko giga ɗaya ta kama naira 333, na biyu 257. Na biyu ya fi araha, amma sai in za ka cinye. Wanda aikinsa giga 40 ne ya sayi na 70, kowace gigar da ya yi amfani da ita ta tsaya masa a naira 450.

Ga mai buƙatar giga 60 irin ƙanwata, sayen ƙaramin sau biyu 20,000 ne, babban 18,000, rarar 2,000 a wata. In a ce babban a layin rauta kaɗai ake sayensa, rautar da batirinta kuma sun tashi 40,000, sai an yi wata 20 kafin rarar ta biya su. Shi ya sa nake cewa kar ka sayi rauta da sunan rage kuɗin data, ka saye ta don mitin ya daina yankewa wayarka kuma ta huta.

Gargaɗi a kan tsarin da aka rubuta wa `Unlimited`: ka nemi inda aka rubuta `FUP` ko `Fair usage`. Yawancinsu ko dai suna da adadin gigar da in ka kai za a rage maka gudu, ko kuma tun farko an ƙayyade gudun. Ka tambayi giga nawa ne kafin a rage, kuma zuwa nawa ake ragewa, in an ce 512 kbps to ka sani Zoom da kyamara ba zai yi daɗi a kansa ba. Ka kuma tambaya ko tsarin na layin rauta ne kaɗai, domin wasu manyan tsare-tsaren ba sa sayuwa a layin waya. Sai maganar ragowa, kamfanoni na ɗora maka datar da ta rage a kan sabuwa in ka sabunta kafin wa'adi ya cika ko cikin 'yan kwanakin da suka bayar, don haka ka sa ranar a kalandar wayarka.

7. Hana na'urori shan data a ɓoye

Wannan matakin shi ne wanda na fi so ka natsu a kansa. Waya da laftof da talabijin duk an ƙera su da tunanin cewa waifai kyauta ne ba ya ƙarewa. Duk abin da waya ta ƙi yi a kan datar layinta, abdet ɗin manhajoji, tura hotuna da bidiyo zuwa Google Photos, bakof ɗin WhatsApp, ajiye shi take yi tana jiran ranar da za ta ga waifai. Wayar Android in ta hau hosfot ɗin wata Android takan gane cewa data ce mai iyaka ta kama kanta, amma rauta a wajenta waifai ne kamar na ofis. Shi ya sa mutane da yawa datarsu ta fi saurin ƙarewa bayan sun sayi rauta, su ce kamfani na yi musu sata.

Ƙanwata ta sa giga 60, a kwana 11 ta ƙare. Ta kira ni ranta a ɓace, "Yaya wannan abin da ka sa na saya shan data yake yi kamar me." Muka zauna muka bi lissafin. Laftof ɗinta a `Data usage` ya nuna giga 16, daidai da ranakun aiki takwas, ba shi da laifi. Wayarta da ta maigidan da ta ƙanin mijin, da muka duba abin da kowace ta ci ta waifai, sun haɗa giga 11, mafi yawa bidiyon biki ne da Google Photos ya kwashe ya tura, da abdet ɗin Play Store. Saura giga 33 ba a gan su ba, sai da muka buɗe jerin na'urorin da ke kan rautar muka ga talabijin ɗin falo. Yara na kallon katun a YouTube wajen awa ɗaya da rabi kullum bayan Islamiyya, talabijin kuma da ya ga sabis mai kyau sai ya ɗaga hoton zuwa 1080p da kansa, giga 3 a rana, sau 11.

Ga abin da za ka yi, na'ura bayan na'ura, tun ranar farko.

A laftof mai Windows: `Settings > Network & internet > Wi-Fi`, danna sunan rautarka, kunna `Metered connection`. Wannan zai sa Windows ya dakatar da yawancin abdet, OneDrive ma ya tsaya. Sannan `Windows Update > Advanced options > Delivery Optimization` ka kashe barin wasu kwamfutoci su ɗauki abdet daga taka. A shafin `Data usage` akwai `Enter limit`, ka sa adadinka da ranar da watanka ke farawa. Gargaɗi: saitin nan na kowane waifai daban ne, in ka koma hosfot ko ka canja wa rautar suna sai ka sake kunnawa. Kuma kar ka bar laftof wata da watanni ba abdet, na tsaro ne, ka ware masa rana ɗaya a wata, kwana biyu kafin datar ta ƙare wa'adi in akwai ragowa, ko ka yi da tsarin dare mai araha a layin waya.

A Android: shiga saitin waifai ɗin rautar, ka nemi `Metered` ko `Network usage` ka zaɓi `Treat as metered`. A iPhone da Mac `Low Data Mode` ne a cikin bayanan waifai ɗin. A WhatsApp ka shiga `Settings > Storage and data`, ƙarƙashin `When connected on Wi-Fi` ka cire alamar bidiyo da takardu, wanda ke cikin guruf goma na 'yan uwa da na unguwa ya san abin da ake turowa kullum.

A Zoom: `Settings > Video` ka cire alamar `HD`. In lacca ce kake saurare kawai, kashe kyamararka. A Google Meet akwai `Send resolution` da `Receive resolution`, ka sa su a 360p, ba wanda zai lura a ɗan ƙaramin akwatin da fuskarka ke fitowa.

Talabijin kuma shawarata kar ya hau rautar aiki kwata-kwata. In ba yadda za a yi, a riƙa sa YouTube a 480p, amma ka sani yakan koma `Auto`, kuma yaro ba zai tuna ba. Abin da muka yi a gidan ƙanwata shi ne muka canja faswod, laftof da wayarta kaɗai suka hau, maigidan ya sa wa tsohuwar waya ƙaramin tsari na sati don kallon yara, in ya ƙare ya ƙare, bai taɓa na aiki ba. In kana jin nauyin hana mutanen gida ko maƙwabta faswod, wanda duk mun san yana da wuya, ka duba ko rautarka na da `MAC filter`, ka sa na'urorin aiki kaɗai a jerin waɗanda aka yarda, ko da an tura wa wani faswod ɗin ta lambar sikanin ba zai shiga ba.

8. Dubawar sati da shirin ranar matsala

Ka raba datarka gida huɗu. Mai giga 60, giga 15 a sati. Duk Juma'a ka duba ragowar, a shafin rautar ko manhajar kamfanin, tunda layin na cikin rauta ba ka iya danna masa lamba kai tsaye sai ta shafin `USSD` in tana da shi. In satin farko ya ci 22, ka nemo dalili a ranar, ta hanyar da muka bi a sama: laftof tukuna, sai wayoyi, abin da ya rage na wanda ba ka duba ba ne. Yawancin rautoci na da wurin sa iyaka a `Statistics` ko `Data plan`, ka sa ta yi gargaɗi a kashi 80.

Kar ka bar kati mai yawa a layin rautar, ka sa daidai kuɗin tsarin ka saya nan take, sannan ka duba saƙonnin da ke shigowa layin a shafin `SMS`, can kamfani ke turo sanarwar cewa data ta kusa ƙarewa, kuma ba mai ganinsu. In lissafin na'urorinka da na kamfani sun yi hannun riga da giga masu yawa bayan ka bi komai, kira 300 ka shigar da ƙorafi ka karɓi lambar ƙorafin, in ba a warware ba sai ka kira NCC a 622 da wannan lambar.

Na ƙarshe, layin wayarka ya zama na wani kamfani daban da na rautar, kuma ka haɗa laftof da hosfot ɗin sau ɗaya tun yanzu don ya haddace faswod, ka kunna masa `Metered connection` shi ma. Ranar da aka yanke kebul ɗin wani kamfani wajen aikin titi ko sabis ɗinsu ya ɗauke ana saura minti biyar mitin, sai ka sayi tsarin yini na giga ɗaya ko biyu a wayar, ka kunna hosfot, ka kashe kyamara ka shiga.